Kwantena Ɗaya, Kaya Kala Uku: Wace Hanya Za Ka Bi Ka Raba Dako, Haraji da Kuɗin Fito?

Wanda ya shigo da kaya iri ɗaya cikin kwantena ba shi da wahalar lissafi. Ya tara duk abin da ya kashe tun daga masana'anta har ƙofar sito, ya raba da yawan kayan, shi ke nan ya san nawa kowane ɗaya ya tsaya masa. Matsalar tana farawa ne ranar da kwantenar ta ɗauko kaya kala biyu ko uku. Kamfanin jirgi ya ba ka rasit ɗaya, mai mota ya ba ka rasit ɗaya, wakilin fito ma haka, kuma babu wanda ya rubuta maka nawa ne rabon wannan kaya, nawa ne na wancan. Kai ne za ka raba.

Hanyoyin da 'yan kasuwa ke bi guda biyar ne: a raba bisa yawan kaya, ko bisa darajar kuɗinsu, ko bisa nauyi, ko bisa gurbin da suka ci a kwantena, ko kuma a ɗauki kowane rasit a raba shi bisa abin da ya jawo shi. Dukkansu jimillarsu ɗaya ce a ƙarshe, shi ya sa mutum zai iya shekara yana kuskure littafinsa bai taɓa nuna masa ba. Inda suke rabuwa shi ne farashin kowane ɗaya, kuma a kan wannan farashi ne kake yanke kuɗin sayarwa, a kansa kake yanke shawarar abin da za ka sake sarowa.

Abin da zan auna su da shi

Abu huɗu nake dubawa. Na farko daidaito: shin rabon da hanyar ta ɗora wa kaya ya yi kusa da abin da za ka biya da a ce shi kaɗai ka ɗauko? Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a wurina, kuma za mu gwada ta a ƙasa. Na biyu wahala, wato lokaci da bayanan da hanyar take buƙata, domin wannan shi ne tsadarta. Na uku ɗorewa: idan haɗin kayan ya canja a tafiya ta gaba, shin lissafin zai ci gaba da aiki ko zai rushe? Na huɗu haɗari: idan hanyar ta yi kuskure, wane kaya take ɓoye wa faɗuwa, wane kuma take ɗora wa nauyin da ba nasa ba?

Misalin da za mu yi aiki da shi

Alƙaluman nan na misali ne, na tsara su don lissafin ya fito fili, kuma da dala na sa su don kada canji ya shiga tsakani. A ce kwantena mai ƙafa 20 ce. A takarda tana ɗaukar kusan kubik mita 33, abin da takardun jirgi ke rubutawa CBM, amma a zahiri idan ka samu 25 zuwa 28 ta cika, saboda kwalaye ba sa zama ba rata. An sayi kayan bisa FOB, wato mai sayarwa ya kai su har cikin jirgi a tashar ƙasarsa, daga nan komai na kanka ne.

| Kaya | Yawa | Kuɗin ɗaya | Jimilla | Gurbi | Nauyi | Harajin kwastan |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Kujerar roba | 1,000 | $4 | $4,000 | 18 CBM | kilo 2,400 | 20% |
| Kwaɗon ƙofa | 8,000 | $0.75 | $6,000 | 2 CBM | kilo 3,000 | 10% |
| Injin aski | 1,000 | $10 | $10,000 | 5 CBM | kilo 600 | 5% |
| Duka | 10,000 | | $20,000 | 25 CBM | kilo 6,000 | |

Ga kuma abin da aka kashe a kan kwantenar gaba ɗaya: dakon jirgin ruwa dala 2,900, kuɗin tasha da na kamfanin jirgi a wurin sauka dala 1,000, mota zuwa sito da saukewa dala 600, inshora dala 100, cajin banki dala 200, ladan wakilin fito da takardu dala 200. Duka dala 5,000 ke nan. Wannan dala 5,000 ita ce abin da ake gardamar rabonta.

Ka fara cire haraji gefe

Kafin a taɓa kowace hanya, harajin kwastan ba ya cikin abin da ake rabawa. Kowane kaya yana da lambarsa a tsarin HS na Ƙungiyar Kwastan ta Duniya, lambobi shida na farko iri ɗaya ne a ko'ina, kowace ƙasa ta ƙara nata a baya, kuma lambar ce take yanke kason da za a biya. Takardar fito tana nuna harajin kowane layi daban. Aikinka kawai ka ɗauko shi daga can ka ɗora wa mai shi.

Mafi yawan ƙasashe suna lissafa harajin ne a kan darajar CIF, wato kuɗin kaya haɗe da dako da inshora. Wasu kamar Amurka, Kanada da Ostireliya ba sa haɗa dakon teku a ciki. A misalinmu mu ɗauka CIF ne, kuma an raba dako da inshora a takardar fito bisa darajar kaya. Dala 3,000 a kan dala 20,000 kashi 15 cikin ɗari ne. Don haka kujeru sun koma dala 4,600, harajinsu 920. Kwaɗi sun koma 6,900, harajinsu 690. Injinan aski sun koma 11,500, harajinsu 575. Duka dala 2,185. A kan kowane ɗaya kuwa, kujera santi 92, kwaɗo kusan santi 9, injin aski santi 57 da rabi.

Wani zai ce, tunda takardar kwastan ta raba dakon bisa daraja, me zai sa ni ma ba zan bi ta ba? Ita takardar don a gano harajin da za a karɓa aka yi ta. Da zarar ka biya, adadin ya zama tabbatacce, ka ɗauke shi yadda yake. Amma wane kaya ne ya cinye maka kwantena, wannan tambaya ce ta daban, kwastan ba su da ruwa da ita. Idan kuma akwai harajin VAT da ake karɓa a bakin tasha, ka duba matsayinka: in kana da rajistar da za a mayar maka da shi ko a cire maka shi daga abin da za ka biya gaba, kada ka sa shi cikin farashin kaya. In ba ka da ita, ya shiga, kuma shi ma kowane layi da nasa.

Jimillar komai yanzu: 20,000 da 5,000 da 2,185, wato dala 27,185. Kowace hanya ka bi, idan ka ninka farashin kowane kaya da yawansa ka haɗa, dole ka dawo kan wannan adadi. In bai dawo ba, akwai rasit da ya faɗi ko aka ƙirga sau biyu.

Bisa yawan kaya

Dala 5,000 a raba wa kaya 10,000, kowane ɗaya ya ɗauki santi 50. Ba ta buƙatar komai sai ƙirga, amma dubi abin da ta yi: kwaɗon da za ka rufe a tafin hannunka ya biya dako daidai da kujera. Kwaɗi sun ɗauki dala 4,000 cikin 5,000 alhali CBM biyu kacal suka ci. Kwaɗo ya tashi a dala 1.34, kujera 5.42. Hanyar tana da amfani ne kawai inda kayan girmansu da kuɗinsu kusan ɗaya ne, kamar takalmi samfuri ɗaya mai launi daban-daban. A kwantena irin tamu ba ta da wurin zama, don haka ba zan daɗe a kanta ba.

Bisa darajar kaya

Wannan ita ce hanyar da aka fi bi, kuma akwai dalili. Takarda ɗaya kawai take buƙata, wadda mai sayarwa ya aiko mai ɗauke da farashi. Dala 5,000 kashi 25 cikin ɗari ne na 20,000, sai ka ɗora wa kowane kaya kwata na kuɗinsa. Kujeru 1,000, kwaɗi 1,500, injinan aski 2,500. Da haraji, kujera ta tsaya a dala 5.92, kwaɗo 1.02, injin aski 13.08. Akawu yana son ta domin ba ta da gardama, kuma ribar kowane kaya tana fitowa kusa da juna, littafi ya yi kyan gani.

Amma jirgi ba ya karɓar kuɗinsa bisa tsadar abin da ke cikin kwantena. Akwatin yake sayar maka, ko zinariya ka zuba ko audugar katifa. Kujerun nan sun mamaye 18 cikin 25 na gurbin, wato kusan kashi uku cikin huɗu, amma hanyar daraja ta ba su kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin. Sauran injinan aski ne suka biya musu, don kawai suna da tsada.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami da wani kaya mai cin wuri. Littafina yana nuna riba a kansa tafiya bayan tafiya, yana kuma fita da sauri, har na ga ya dace in ƙara yawansa in rage ƙananan kayan da nake haɗawa da shi. Sai ribar kwantenar gaba ɗaya ta fara tsukewa, ni kuma ina ta zargin canji da kuɗin tasha. Sai da na zauna na auna kwalaye sannan na ga cewa ƙananan kayan da na rage su ne suke ɗauke da shi tun farko.

Mu gwada da alƙalumanmu. A ce kujera tana fita a dala 7.50. A lissafin daraja kana ganin ribar dala 1.58 a kowace ɗaya, sai ka ce tafiya ta gaba kujeru zalla za ka ciko. Kowace kujera tana cin 0.018 CBM, don haka gurbin nan na 25 zai ɗauki kamar 1,388. Dakon jirgi da tasha da mota ba su ragu ba, dala 4,500 ne, yanzu kuma babu mai taya su, ya zama dala 3.24 a kan kowace kujera. Harajin ma ya tashi, domin duk dakon ya shiga darajar CIF ta kujeru, kuma kasonsu 20 ne: ya koma wajen dala 1.22. Ka haɗa da ɗan abin da ya rage na wakili da banki da inshora, kujera ta haura dala takwas da rabi. Kana sayar da ita bakwai da rabi. Faɗuwar fiye da dala ɗaya a kowace kujera, sau kusan 1,400.

Kuskuren yana cizo ta ɗaya ɓangaren ma. Idan wani yana sayar da injin aski irin naka a dala 13.50, kai da ka rubuta 13.08 za ka ga babu abin kirki a ciki, ka bar masa kasuwa, alhali kayan da ya fi kawo maka kuɗi ne ka bari.

Akwai wata sigar wannan hanya da ta fi muni, kuma ita ce ta bakin mutane: a haɗa har da haraji, a ce "kaya na sauka da ƙarin kashi kaza". A nan 7,185 a kan 20,000 kusan kashi 36 ne. Kujera ta koma dala 5.44, injin aski 13.59. Ka ga har harajin kujera mai kashi 20 an kwashe wani ɓangare an ɗora wa injin da nasa kashi 5 ne. Wannan kaso yana da amfani a matsayin ƙiyasin farko kafin ka yi oda, in haɗin kayan bai canja daga na baya ba. Ba abin da za a yanke farashi a kansa ba ne.

Duk da haka ba na jefar da hanyar daraja. Idan kayan duk 'yan gida ɗaya ne, misali kayan gyaran waya kala ashirin waɗanda tsadarsu da girmansu ke tafiya tare, ko kuma idan dako ƙaramin abu ne a kan kuɗin kaya, kamar kashi uku ko huɗu cikin ɗari, kuskuren da za ta yi bai kai wahalar awon kwali ba.

Bisa nauyi

Dala 5,000 a kan kilo 6,000 ya ba da kusan santi 83 kowane kilo. Kujeru 2,000, kwaɗi 2,500, injinan aski 500. Kujera 6.92, kwaɗo 1.15, injin aski 11.08.

Bayanan suna da sauƙin samu, domin takardar jerin kaya tana nuna nauyin kowane kwali. Ka tabbata dai ka ɗauki nauyi haɗe da kwali, ba na kayan tsirara ba. Tambayar ita ce ko nauyi ne ya tsayar da lodin. Kwantena mai ƙafa 20 tana iya ɗaukar fiye da tan 20, tamu kuwa tan shida ce. Da a ce kwaɗin sun ninka nauyinsu ba tare da sun ƙara girma ba, kuɗin jirgi ba zai motsa ba. Saboda haka ɗora musu rabin kuɗin zalunci ne. Amma ka juya lamarin: kwantenar tayil, ko ƙusa, ko batirin mota, takan kai iyakar nauyinta rabinta a buɗe. A irin wannan, nauyi ne abin da ka saya, kuma raba kuɗin bisa kilo shi ne daidai.

Bisa gurbi

Dala 5,000 a kan 25 CBM, dala 200 kowane ɗaya. Kujeru 3,600, kwaɗi 400, injinan aski 1,000. Kujera 8.52, kwaɗo 0.89, injin aski 11.58. Ka lura yadda farashin kujera ya zo kusa da abin da muka samu lokacin da muka ciko ta ita kaɗai. Wannan shi ne alamar cewa hanyar ta kama gaskiya a wannan kwantena.

Wahalarta tana wurin awo. Lissafin kansa ba komai ba ne:

```
CBM = tsawo × faɗi × tsayi (da mita) × yawan kwali
0.60 × 0.50 × 0.40 = 0.12
```

Abin da ke ɓata shi shi ne dogaro da takardar masana'anta ido rufe. Sau da yawa girman da aka rubuta na kwalin da aka yi niyyar amfani da shi ne, ba wanda aka zuba kayan a ciki ba. Ranar saukewa ka ɗauki tef, ka ciro kwali ɗaya daga kowane kala, ka auna shi ta waje, ta wurin da ya fi kumbura, domin kwalin da aka danna wa kaya cikinsa yakan turo ya ƙara santimita biyu ko uku. Santimita biyu a kowane gefe na kwalin da ke sama suna mayar da 0.12 zuwa kusan 0.135, ƙarin kashi 13 cikin ɗari. Kayan da ake jerawa cikin juna kamar kujeru ko bokitai kuwa, ba a auna guda ɗaya. Jerin gaba ɗaya ake aunawa, a raba da yawan da ke cikinsa. Wanda ya auna kujera ɗaya a tsaye ya ninka da dubu zai samu gurbin da ya fi kwantenar sau da yawa.

Idan ka haɗa awonka ya ba ka 25 alhali kwantenar 33 ce, kada ka raba da 33. Ka biya kuɗin akwatin duka, har da iskar da ke cikinsa, kuma kayan da ke ciki ne za su ɗauki kuɗin iskar.

Raunin hanyar gurbi ɗaya ne: ta ɗora wa kujeru inshora da cajin banki bisa girmansu, alhali waɗannan biyun kuɗin kaya suke bi. A misalinmu abin kaɗan ne. A kwantenar da kayanta suka kai dala dubu ɗari biyu, ba kaɗan ba ne.

Kowane rasit da abin da ya jawo shi

A nan ba a tara kuɗin wuri ɗaya. Kowane rasit ka ɗauka sai ka tambayi kanka: me zai sa wannan adadi ya ƙaru? Dakon jirgi, kuɗin tasha da mota suna ƙaruwa ne idan ka buƙaci ƙarin kwantena, don haka gurbi suke bi. Dala 4,500 a kan 25 CBM, dala 180 kowane ɗaya: kujeru 3,240, kwaɗi 360, injinan aski 900. Inshora da cajin banki daraja suke bi. Ladan wakili yana iya zuwa ta ko'ina, wasu kan raba shi daidai tsakanin layukan takardar fito, ni nakan haɗa shi da na daraja tunda ƙarami ne. Dala 500 ke nan: kujeru 100, kwaɗi 150, injinan aski 250. Idan kana aiki da Excel, gurbin kowane kaya yana layin D, ga abin da za ka rubuta ka ja shi ƙasa:

```
=D2/SUM(D$2:D$4)*4500
```

Sakamako: kujera 4 da 0.92 da 3.34, dala 8.26. Kwaɗo santi 90. Injin aski dala 11.73. Ka gwada: 8,260 da 7,200 da 11,725 sun ba da 27,185.

| Hanya | Kujera | Kwaɗo | Injin aski | Wahala | Ɗorewa | Wanda take cuta |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Yawa | $5.42 | $1.34 | $11.08 | Babu | Ba ta da ita | Ƙananan kaya masu yawa |
| Daraja | $5.92 | $1.02 | $13.08 | Kaɗan | Sai in haɗin bai canja ba | Kaya masu tsada |
| Nauyi | $6.92 | $1.15 | $11.08 | Kaɗan | Tana da ita a kaya masu nauyi | Kayan ƙarfe |
| Gurbi | $8.52 | $0.89 | $11.58 | Sai an yi awo | Tana da ita | Kaya masu cin wuri, kaɗan |
| Kowane rasit da dalilinsa | $8.26 | $0.90 | $11.73 | Ta fi yawa a karon farko | Ta fi duka | Babu, in awon daidai ne |

Kujera ɗaya, kwantena ɗaya, amma farashinta yana yawo daga 5.42 zuwa 8.52. Tsadar hanya ta biyar ita ce zaman farko: ka gina jadawalin, ka auna kwalaye, ka ware rasit. Bayan haka tafiya ta gaba alƙaluma kawai za ka sauya. Haɗarinta shi ne mutum ya wuce gona da iri, ya riƙa neman ma'auni na musamman ga rasit ɗin dala goma sha biyar. Tuli biyu ko uku sun isa: na gurbi ko nauyi, na daraja, da wanda ke tafiya kai tsaye ga mai shi.

Idan ba kwantena cikakkiya ba ce, kamfanin dakon ya riga ya gaya maka ma'aunin. A kayan haɗaka na teku, wanda ake rubutawa LCL, ana caji bisa W/M: CBM ɗaya ko kilo 1,000, wanda ya fi yawa. Kwaɗinmu CBM biyu ne amma tan uku, don haka da su kaɗai ka aiko uku za a ƙirga. A jirgin sama ana ninka tsawo da faɗi da tsayi da santimita a raba da 6,000, kamfanonin aika saƙo da yawa kuma da 5,000 suke rabawa, sai a kwatanta da nauyin gaske a ɗauki babba. Ka lissafa wannan ga kowane kaya daban, ka raba dakon da shi.

Abubuwa uku da ke ɓata kowace hanya

Na farko, abin da kake rabawa da shi. Ba yawan da ka saya ba ne, yawan da za ka iya sayarwa ne. Idan kujeru 40 sun tsage a hanya, dala 8,260 za a raba wa 960, kujera ta koma 8.60. In inshora ta biya wani abu, ka cire shi daga sama tukuna.

Na biyu, canji. Kuɗin kaya ka biya shi wata biyu ko uku da suka wuce, dako daga baya, haraji kuma da canjin da kwastan suka ɗauka a ranarsu. Kowane rasit ka rubuta shi da abin da ya fita daga aljihunka a ranar da ka biya, kada ka ninka jimilla da canjin rana ɗaya. Wannan zai ba ka abin da kayan suka ci. Abin da za ka kashe ka maye gurbinsu lissafi ne na biyu, kuma idan kuɗin ƙasarka yana faɗuwa, shi ya kamata ka duba kafin ka yanke farashin sayarwa.

Na uku, rasit masu zuwa a makare, musamman tarar kwanan kwantena bayan kwanakin kyauta sun ƙare. Kada ka rufe lissafi sai ka mayar da kwantenar an ba ka takardar ƙarshe. Idan jinkirin kaya ɗaya ne ya jawo shi, a ce takardar ingancin injinan aski ce ba ta iso ba, to a kansu tarar take, ba a kan kujeru ba. Ni ma nakan rubuta ta a layi na daban, domin asara ce ta wannan tafiya, kuma in ta narke cikin farashi za ta ruɗe ka wajen ƙiyasin tafiya ta gaba.

Wace ce taka

Idan samfuri ɗaya kake kawowa, bambancin launi ko lamba ne kawai, raba bisa yawa ya ishe ka. Idan kayanka kala da yawa ne amma girmansu da tsadarsu suna tafiya tare, ko dakon bai wuce 'yan kashi kaɗan na kuɗin kaya ba, bi daraja, amma ka bar haraji a kan mai shi. Mai kawo tayil, ƙarfe, ko duk abin da ke kai iyakar nauyi kafin kwantena ta cika, nauyi ne nasa. Mai kawo kayan roba, kayan ɗaki, kayan wasan yara da makamantansu, inda ƙofar kwantena ke rufewa da ƙyar amma nauyin bai kai ko'ina ba, gurbi ne nasa. Mai amfani da jirgin sama ko kayan haɗaka ya bi ma'aunin da aka caje shi da shi.

Wanda kuwa yake haɗa mai arha mai cin wuri da ƙarami mai tsada a kwantena ɗaya, ko yake raba kwantena da abokin kasuwanci kowa zai biya rabonsa, ko yake tunanin ƙara wani kaya ya rage wani, hanya ta biyar ce ta dace da shi. In kuna raba kwantena ne, ku amince da ma'aunin a rubuce kafin a yi lodi, kuma ku auna kwalayen tare ranar saukewa.